Yadda ake gano ainihin mai kamfani a sanya shi a rajistar mamallaka

Takardun rajistar kamfani suna nuna sunayen daraktoci da na masu hannun jari, amma sau da yawa ba sa nuna wanda riba ke shiga aljihunsa, ko wanda in ya yi magana ba mai musa masa. Mai hannun jarin yana iya zama wani kamfani ne daban, shi ma wannan kamfanin mallakar wani kamfani ne a wata ƙasa, har a kai inda ba sunan ɗan Adam ko ɗaya. Rajistar ainihin mamallaka an kafa ta ne don a tilasta wa kamfani ya bi wannan sarƙa har ƙarshenta, ya rubuta sunan mutum mai rai wanda ya mallake shi ko yake juya akalarsa. Cike fom ɗin ba ya cin lokaci. Aikin yana wajen gano sunan wanda za a rubuta, kuma a nan ne yawancin kamfanoni ke kuskure, wasu da gangan, wasu don rashin sanin yadda ake lissafin.

Me ya sa doka ta dage a kai

Kamfani a idon doka mutum ne mai zaman kansa: yana buɗe asusun banki, yana sayen gida, yana karɓar kwangila. Wanda ya saci dukiyar jama'a ba ya buƙatar ɓoye kuɗin a rami, kamfani uku ko huɗu masu mallakar juna sun ishe shi. A watan Afrilun 2016 aka fallasa takardun Panama, kimanin takardu miliyan 11.5 daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca, duniya ta ga yadda ake wannan sana'a da yawa kamar a masana'anta. Bayan haka badaƙalar reshen Danske Bank na Istoniya ta fito, inda kimanin Yuro biliyan 200 suka ratsa reshen tsakanin 2007 da 2015, da yawansu abin tuhuma, kuma wasu daga cikin masu asusun kamfanonin haɗin gwiwa ne da aka yi wa rajista a Birtaniya waɗanda ba a san masu su na gaskiya ba.

Hukumar FATF, wadda ke tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya, ta tsaurara Shawararta ta 24 a watan Maris na 2022, ta buƙaci ƙasashe su tanadi rajista ko wata hanya makamanciyarta da hukumomi za su samu bayani isasshe, ingantacce, kuma na yanzu. Wannan ne ya sa ƙasa bayan ƙasa ke kafa rajistar, kuma shi ya sa bankinka zai yi maka tambayoyin nan ko da hukumar rajista ba ta yi ba.

Kafin komai: wace doka ce ta hau kanka

Dokar ƙasar da aka yi wa kamfanin rajista ita ce abin bi, ba ta ƙasar da mai kamfanin yake zaune ba. Abu biyu za ka fara nema a cikinta: iyakar kaso, da kuma hanyar da ake lissafa mallaka ta bayan fage.

Iyakar ta bambanta sosai. A Birtaniya, inda rajistar ta fara aiki a 2016, sai mutum ya haura kashi 25 cikin ɗari na hannun jari ko na ƙuri'a. A Kenya kashi 10 ne. A Najeriya, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kashi 5 ne. Sabuwar dokar Tarayyar Turai ta 2024, wadda za ta fara aiki a Yulin 2027, ta ce kashi 25 ko fiye, wato mai kashi 25 cif ya shiga, alhali a Birtaniya ya tsira. Wannan ɗan bambanci na kalma ɗaya yana da tasiri: kamfanin da abokai huɗu suka raba daidai wa daida, a wata ƙasa yana da mamallaka huɗu, a wata kuma ba shi da ko ɗaya ta fuskar hannun jari.

Ka kuma duba ko dokar ta canja kwanan nan. A Amurka an fara karɓar irin wannan bayani a ranar 1 ga Janairun 2024, amma a Maris na 2025 hukumar FinCEN mai yaƙi da laifukan kuɗi ta cire kamfanonin da aka kafa a cikin ƙasar daga wajibcin, ta bar na ƙasashen waje da suka yi rajistar kasuwanci a can. Wanda ya dogara da bayanin bara zai iya yin aikin da ba a nema ba, ko ya bar wanda ake nema.

Mataki na farko: tattaro takardu, ka zana sarƙar

Kada ka dogara da abin da shugaban kamfani ya faɗa maka da baki. Ka ɗauko littafin masu hannun jari, da kundin tsarin kamfanin, da duk wata yarjejeniya tsakanin masu hannun jari, da takardun manyan basussuka, da bayanan tarukan daraktoci na shekara biyu ko uku da suka wuce. Ukun ƙarshen nan su ake yawan mantawa, kuma a cikinsu ne iko ke ɓuya.

Sannan ka ɗauki takarda ka zana. Kamfaninka a ƙasa, kowane mai hannun jari a samansa da kasonsa. Duk inda mai hannun jarin ya kasance kamfani ne, ka hau sama ka zana nasa masu hannun jarin. Ba a tsayawa sai kowane reshe ya ƙare a kan mutum, ko a kan abin da dokarku ta yarda a tsaya a kansa, kamar kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a babbar kasuwar hannun jari, domin shi akwai wata dokar bayyanawa a kansa.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kamfanin A na jigilar kaya ne, yana da hannun jari 1,000, kowane ɗaya da ƙuri'a ɗaya. Littafinsa ya nuna haka:

Kamfanin B yana da 600, wato kashi 60.
Kamfanin C, mai rajista a wata ƙasa, yana da 200, wato kashi 20.
Manajan darakta tana da 120, wato kashi 12.
Ma'aikata takwas suna da goma-goma, wato kashi ɗaya kowannensu.

Da muka hau sama sai muka tarar Kamfanin B na wa ne da ƙanwarsa, wan yana da kashi 60, ƙanwar kashi 40. Kamfanin C kuwa mai hannun jarinsa ɗaya ne tal, wani lauya, kuma shi ne daraktansa.

Mataki na biyu: lissafa kaso

Hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su, kuma ba sa ba da amsa iri ɗaya.

Ta farko ita ce ninkawa. Ana ninka kason mutum a kamfanin sama da kason da kamfanin saman yake da shi a na ƙasa. Wan yana da kashi 60 na kamfanin da ke da kashi 60, saboda haka rabonsa a Kamfanin A kashi 36 ne. Ƙanwar tana da kashi 40 na kashi 60, wato kashi 24. Idan iyakar kashi 25 ce, wan ya shiga, ƙanwar ta tsaya a bakin ƙofa da ratar kashi ɗaya. Lauyan yana da dukan Kamfanin C, rabonsa kashi 20, shi ma bai kai ba.

Ta biyu ita ce duba rinjaye, kuma ita dokar Birtaniya ke bi. A nan ba a ninka komai. Tambaya ɗaya ake yi a kowane hawa: shin wannan mutum ne ke da rinjaye a kamfanin saman? In shi ne, ana lissafa masa dukan abin da kamfanin ya riƙe. Wan yana da rinjaye a Kamfanin B, don haka ana ɗaukarsa a matsayin mai riƙe da kashi 60 na Kamfanin A baki ɗaya. Ƙanwar ba ta da rinjaye, ba a lissafa mata komai ta wannan reshe. Hikimar wannan hanya a fili take: a ranar taron masu hannun jari ba a raba ƙuri'un Kamfanin B gida biyu, duka 600 ɗin suna tafiya inda wan ya nuna. Ninkawa tana nuna wanda ke cin riba, rinjaye yana nuna wanda ke yanke hukunci.

Ni a ganina, ko wace hanya dokarku ta zaɓa, ka yi lissafin ta hanyoyin biyu ka ajiye a fayil. Bankin da ke wata ƙasa zai iya tambayarka da ɗayar hanyar, kuma gara amsar tana hannu.

Akwai wata ƙa'ida a Birtaniya da ya kamata wanda ke da kamfani a can ya sani. Idan Kamfanin B shi ma na Birtaniya ne kuma yana bayyana nasa mamallakan, Kamfanin A zai rubuta Kamfanin B ne a rajista, mai bincike ya hau can ya ga wan. Wasu ƙasashen ba su yarda da haka ba, sunan mutumin suke so kai tsaye.

Mataki na uku: bincika ko sunan aro ne

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne rajista ke zama gaskiya ko ta zama ƙarya mai hatimi.

Lauyan da ke riƙe da dukan Kamfanin C ya kamata ya tsayar da kai. Ba laifi ba ne lauya ya mallaki kamfani, amma alamomin aron suna sun taru a kansa. Adireshinsa ofishi ne da ɗaruruwan kamfanoni ke amfani da shi. Bai taɓa halartar taro da kansa ba, kullum takardar wakilci yake aikowa. Ribar da Kamfanin A ke biya ba ta zama a asusun Kamfanin C. In ka tambaye shi wani abu game da harkar jigila, sai ya ce zai dawo maka da amsa, wato zai je ya tambayo wani.

Hanyar da doka ta tanada ita ce ka rubuta masa takarda a hukumance, ba kiran waya ba. Ka tambaye shi abubuwa uku a fili: shin hannun jarin nan naka ne ko kana riƙe wa wani? Wa ke ba ka umarnin yadda za ka kaɗa ƙuri'a? Wa ke karɓar riba? A Birtaniya wanda aka aika wa irin wannan takarda yana da wata ɗaya ya amsa. In ya yi shiru, kamfanin zai aika masa gargaɗi, in wata ɗaya ya sake wucewa ba amsa, kamfanin yana da ikon ɗaure hannun jarin: ba sayarwa, ba ƙuri'a, ba karɓar riba. Wannan makami ne mai kaifi, kuma galibi ambatonsa kaɗai a cikin takardar gargaɗi yana buɗe bakin da ya rufe.

A misalinmu lauyan ya amsa. Ya aiko da takardar da ya sa wa hannu shekarun baya, wadda ke cewa yana riƙe da hannun jarin Kamfanin C ne a madadin ƙanwar, kuma da umarninta yake aiki. Doka ba ta lissafa wa ɗan aron suna komai, ana lissafa wa wanda aka riƙe wa ne.

Yanzu mu koma ga lissafi. Ta hanyar ninkawa, ƙanwar tana da kashi 24 ta Kamfanin B da kashi 20 ta Kamfanin C, kuma ana haɗa rassan ne, ba a duba kowanne shi kaɗai ba. Jimilla kashi 44. Matar da sunanta bai bayyana ko sau ɗaya a littafin Kamfanin A ba, ita ce ta fi kowa cin ribarsa, har ta fi yayanta mai kashi 36. Wanda ya tsaya a kan kashi 24 ɗin nan ya ce ba ta kai ba, ya shigar da bayanin da ba daidai ba.

Ta hanyar rinjaye kuwa, abin mamaki, kashi 20 kawai ake lissafa mata, ba ta haura 25 ba. Amma ba a rufe fayil a nan. Sai a duba ko akwai yarjejeniya tsakaninta da yayanta cewa za su riƙa kaɗa ƙuri'a tare a Kamfanin A. In akwai, a rubuce ko a aikace, dokar Birtaniya tana ɗaukar kowannensu a matsayin mai riƙe da jimillar abin da suka haɗa, wato kashi 80. Zumunci shi kaɗai ba hujja ba ne, 'yan'uwa na iya saɓawa. Abin dubawa shi ne ko sun shirya tun farko cewa bakinsu ɗaya ne.

Duk lokacin da ka ga kaso ya tsaya daf da iyaka, 24 ko 24.9 inda iyakar 25 ce, ka ƙara ido. Wani lokaci katari ne. Sau da yawa kuma wani ne ya zauna da alƙalami ya tsara shi haka.

Mataki na huɗu: nemo ikon da ba ya cikin hannun jari

Da muka buɗe yarjejeniyar masu hannun jari sai muka ga wani sakin layi. Mahaifinsu, wanda ya kafa kamfanin ya raba wa 'ya'yansa hannun jarinsa ya yi ritaya, ya riƙe haƙƙin naɗawa da sauke daraktoci uku cikin biyar muddin yana raye. Ba shi da hannun jari ko ɗaya, ba ya karɓar riba, amma shi ke da rinjaye a hukumar daraktoci. A kusan kowace doka wannan ya isa ya sa shi cikin rajista.

Sauran wuraren da ake duba su ne hannun jari mai ƙuri'a fiye da ɗaya, inda mai kashi 10 na jari zai iya riƙe rabin ƙuri'u. Da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan manyan shawarwari kamar tsarin kasuwanci ko naɗin shugaba. Da kuma mutumin da ba shi da wani muƙami amma bayanan taro suka nuna ba a yanke komai sai an ji ta bakinsa. Na ƙarshen nan shi ya fi wuyar tabbatarwa, kuma ba kowane mai tasiri ne mamallaki ba. Lauya ko akawun da ke ba da shawarar sana'arsa ba ya shiga. Bankin da ya ba da bashi da sharuɗɗan da aka saba, don kare kuɗinsa, shi ma ba ya shiga. Amma mai bashin da ya kai ga zaɓar wa kamfani manaja da masu kawo masa kaya, wannan ya wuce gona da iri, sai a tambayi matsayinsa.

Idan reshe ya ƙare a kan asusun amana, inda wani ya damƙa dukiya a hannun amintattu don amfanin wasu, ba a tsayawa a kan sunan asusun. A dokar Tarayyar Turai ana rubuta wanda ya kafa shi, da amintattun, da mai sa ido in akwai, da masu cin moriya. A shekarar 2017 Andrej Babiš ya mayar da rukunin kamfanoninsa na Agrofert cikin asusun amana, kafin ya zama firaministan Jamhuriyar Czech. Rajistar ƙasar Slovakiya ta abokan hulɗar gwamnati ta nuna sunansa cikin ainihin masu cin moriyar kamfanin, kuma wannan bayani ya shiga cikin ƙorafin da ya kai ga binciken Hukumar Tarayyar Turai kan cin karon muradu.

To, su wa za mu rubuta? Idan iyakar kashi 25 ce kuma da ninkawa ake lissafi, mutum uku: ƙanwar da kashi 44, wan da kashi 36 tare da ikon juya ƙuri'u 600, da mahaifin saboda naɗin daraktoci. Manajan darakta mai kashi 12 ba ta shiga, sai dai in iyakar ƙasar kashi 10 ce ko 5. Ma'aikata takwas ɗin ba sa shiga ko'ina. Lauyan ba mamallaki ba ne, amma wasu ƙasashe suna buƙatar a bayyana cewa ɗan aron suna ne, a kuma faɗi wanda yake wakilta.

Idan ba a samu kowa ba

Yakan faru da gaske, misali inda iyakar kashi 25 ce, kamfanin da mutum goma suka raba daidai kuma ba wata yarjejeniya a tsakaninsu. Ba a barin fom a buɗe. A Birtaniya ana shigar da sanarwar cewa kamfanin ya bincika bai samu wanda ya cika sharuɗɗan ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ana rubuta babban jami'in gudanarwa a gurbin. Wannan mafita ce ta ƙarshe, bayan an bi duk matakan da suka gabata an kuma ajiye shaidar bin su. Kamfanin da ya fara da ita saboda ta fi sauƙi, shi ne na farko da mai bincike zai ɗora wa alamar tambaya.

Mataki na biyar: tabbatar da bayanin, sannan ka shigar

Ga kowane mutum za a nemi cikakken suna kamar yadda yake a fasfo ko katin shaida, ranar haihuwa, ƙasa, ƙasar zama, adireshin gida da na aika saƙo, ranar da ya zama mamallaki, da irin ikon da yake da shi. Wasu rajistocin suna neman ainihin kason, wasu rukuni kawai. A Birtaniya rukunai uku ne: sama da 25 zuwa 50, sama da 50 amma ƙasa da 75, sai 75 zuwa sama.

Ranar zama mamallaki tana rikita mutane. Ba ranar da kai ka gano ba ce, ranar da sharaɗin ya cika ce. Ga ƙanwar, ranar da jimillar rassanta biyu ta haura iyaka. In an kafa rajistar bayan hakan, doka takan ce a sa ranar da ita dokar ta fara aiki.

Ka aika wa kowane mutum abin da za ka rubuta a kansa ya tabbatar a rubuce, ka kuma ga shaidarsa da idonka. Shekarun farko na rajistar Birtaniya sun nuna abin da ke faruwa in ba a tantance ba: nazarin da ƙungiyar Global Witness ta yi a 2018 ya tarar da dubban mamallaka da aka rubuta shekarunsu ba su kai biyu ba, da kamfanonin da ke mallakar juna a zagaye ba mutum a ƙarshe. Dokar 2023 ta ba ofishin rajistar kamfanoni na Companies House ikon tuhumar bayani da ƙin karɓarsa, kuma daga Nuwamban 2025 aka fara tilasta wa daraktoci da mamallaka tabbatar da ko su wane ne. Ƙin bayyanawa ko shigar da ƙarya da gangan laifi ne a can, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara biyu, kuma yana hawa kan jami'an kamfanin su kansu, ba kamfanin kaɗai ba.

Abu ɗaya kuma kafin ka danna aikawa: kwatanta abin da ka rubuta da abin da kamfanin ya gaya wa bankinsa. A Birtaniya da Tarayyar Turai doka ta wajabta wa bankuna, lauyoyi da akawu su kai rahoto in suka ga saɓani tsakanin rajista da abin da bincikensu ya nuna. A misalinmu, in ƙanwar ta taɓa bayyana wa wani banki cewa Kamfanin C nata ne, ranar da bankin ya duba rajista bai ga sunanta ba, rahoto zai tafi ba tare da an tuntuɓe ka ba. Alamar farko da kamfani ke gani galibi ita ce wasiƙar banki mai neman ƙarin bayani, ko kuɗin ƙasar waje da ya maƙale a hanya.

Mataki na shida: sabuntawa

Wa'adin sanar da canji gajere ne. A Birtaniya da kwana 14 ake lissafi, sabuwar dokar Tarayyar Turai ta sa kwana 28. Matsalar ita ce canjin da ya fi muhimmanci ba a cikin kamfaninka yake faruwa ba. A ce wan ya sayar wa ƙanwarsa kashi 15 na Kamfanin B. Littafin Kamfanin A bai motsa ba, Kamfanin B yana nan da 600 ɗinsa. Amma yanzu ita ke da kashi 55 na Kamfanin B, ita ke juya ƙuri'u 600, ga 200 ɗinta na Kamfanin C, wato kashi 80 na ƙuri'u a hannun mutum ɗaya. Ta ninkawa rabonta ya tashi daga 44 zuwa 53, na wan ya sauko daga 36 zuwa 27. In sakataren kamfanin bai ji labari ba, rajista ta zama ƙarya tun daga ranar cinikin.

Maganin shi ne a sa sharaɗi a yarjejeniyar masu hannun jari cewa kowa zai sanar da kamfani duk canjin da ya faru a samansa cikin 'yan kwanaki, sannan a aika wa kowane mamallaki takardar tabbatarwa sau ɗaya a shekara. Rasuwa ma canji ce. Ranar da mahaifin ya rasu haƙƙinsa na naɗin daraktoci ya faɗi, sai a cire sunansa a sake duba wanda ikon ya koma hannunsa.

Wa zai ga bayanin

Wannan ita ce tambayar da mamallaka ke yi kafin su miƙa fasfo, kuma tsoronsu ba na banza ba ne, domin akwai wuraren da sanin dukiyar mutum ke jawo masa barazana. Amsar ta dogara da ƙasa. A Birtaniya kowa na iya duba rajistar kyauta, amma adireshin gida ba ya fitowa, kuma wata da shekarar haihuwa kawai ake gani ba tare da ranar ba. Wanda ke fuskantar haɗarin tashin hankali ko tsoratarwa zai iya neman a ɓoye bayaninsa daga jama'a, hukumomi kuma su ci gaba da ganinsa. A Tarayyar Turai dokar 2018 ta buɗe rajistocin ga kowa, sai Kotun Tarayyar ta soke wannan tanadi a ranar 22 ga Nuwamban 2022 a wata shari'a da ta taso daga Luxembourg, bisa hujjar cewa ya keta haƙƙin sirri fiye da ƙima. Tsarin da ya biyo baya ya bar ƙofa ga hukumomi, da bankuna da makamantansu, da masu ƙwaƙƙwaran dalili irin 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula masu aiki a wannan fage. Idan akwai mai neman kariya cikin mamallakanka, ka shigar da buƙatarsa kafin bayanin ya hau rajista ko tare da shi, domin abin da ya taɓa fitowa fili masu kwafar bayanai sun riga sun ɗauke shi, gogewa daga baya ba ta dawo da shi.